Zaman da'ira bayan faɗan ɗalibai: yadda ake gyara ɓarna ba da bulala ko kora ba

Uba ya samu labarin an fasa wa ɗansa leɓe a makaranta. Washegari ya je ofishin firinsifal yana jiran ya ji bulala nawa aka yi wa wanda ya yi aikin, ko mako nawa aka dakatar da shi, sai aka ce masa za a yi zama ranar Alhamis, kuma ana so shi ko wani daga gida ya halarta. Iyaye da yawa suna fita daga irin wannan ofis da zaton an ɗaure wa mai laifi gindi. Malamai ma suna da nasu ruɗanin. Hukumar ilimi ta Ghana ta hana duka a makarantu a 2017, Jihar Legas ta hana a makarantunta a 2022, Najeriya kuma ta fitar da manufar tsaro da kawar da cin zarafi a makarantu a 2021. An karɓe bulala daga hannun malami, amma ba kowa aka nuna wa abin da zai riƙa a madadinta ba. Zaman da'ira na ɗaya daga cikin abubuwan da ake miƙa masa.

## Abin da ake nufi da shi

Ladabtarwar da aka saba tana tambaya uku: wace doka aka karya, wa ya karya ta, me ya dace a yi masa. Zaman da'ira yana sauya tambayoyin: wa aka cutar, me yake buƙata, alhakin wa ne ya gyara. Waɗanda suka yi faɗan da mutanen da abin ya shafa suna zama a kujeru iri ɗaya da aka jera a zagaye, babu tebur a tsakani. Akwai jagoran zama, wanda aikinsa tambaya ne, ba yanke hukunci ba. Akwai kuma abin magana, wato wani ƙaramin abu kamar ƙwallo ko ɗan dutse mai santsi da ke zagayawa hannu zuwa hannu. Wanda yake riƙe da shi kaɗai ke da bakin magana, kuma yana iya miƙa shi gaba bai ce komai ba. Ana tashi da yarjejeniya a rubuce.

Bahaushe zai ce ai wannan sulhu ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Umarnin sasanta 'yan'uwa yana cikin Suratul Hujurat, kuma mai unguwa da liman sun daɗe suna wannan aiki a zaure. Sai dai sulhun da ake yi a yawancin makarantu gajere ne: malami ya tsayar da yaran biyu, ya yi musu faɗa, ya ce kowa ya ba ɗan'uwansa haƙuri, su yi musabaha, shi ke nan. A nan babba ne ke magana, yara na sauraro. A da'ira yaran ne ke yawan maganar, kuma ba a neman kalmar «na yafe» daga bakin kowa. Abin da ake nema shi ne aiki takamaimai da za a iya dubawa bayan mako biyu a ga an yi ko ba a yi ba.

## Inda ya samo asali

A 1989 New Zealand ta yi dokar da ta sa zaman iyali ya zama ginshiƙin shari'ar yara masu laifi, bayan dogon ƙorafin al'ummar Maori, 'yan asalin ƙasar, cewa kotuna na raba su da 'ya'yansu. A 1991 wani jami'in 'yan sanda mai suna Terry O'Connell a garin Wagga Wagga na Ostareliya ya ɗauki tsarin ya tsara masa jerin tambayoyi. Shigarsa makaranta ta zo a 1994, lokacin da Margaret Thorsborne, jami'ar ba ɗalibai shawara a wata babbar sakandare ta Maroochydore a jihar Queensland, ta jagoranci zama bayan wani mummunan duka da aka yi a wajen bikin rawa na makarantar. Zaman zagaye da abin magana kuwa an koyo shi ne daga al'ummomin asali na Kanada da Amurka. Makarantu a yau suna haɗa biyun: tambayoyin Ostareliya, da zagayen abin magana.

Amurka ce ta fi yaɗa shi, saboda wani dalili nata. Dokar 1994 ta wajabta korar shekara guda ga ɗalibin da ya shigo da bindiga makaranta, daga nan gundumomi suka faɗaɗa tsaurin zuwa faɗa da rashin kunya. Dakatarwa ta yi yawa, kuma ta fi faɗa wa yara baƙar fata. Gundumomi irin su Oakland da Denver suka koma neman wata hanya.

## Aikin da ake yi kafin a zauna

Ga misali da aka ƙirƙira don a ga yadda matakan ke tafiya. Nura da Kabiru suna aji biyu na ƙaramar sakandare. Ranar Litinin lokacin tara, Nura ya kai wa Kabiru naushi ya fasa masa leɓe, Kabiru ya yaga masa riga, wajen kokawa suka karya ƙafar benci. Yara sun zagaye su suna ihu, wani ɗan aji uku mai suna Bashir ya ɗauki bidiyo ya tura wa abokai.

Ranar faɗan ba a zama. Ana raba su, a kai mai rauni wajen magani, a sanar da gida, a rubuta abin da shaidu suka gani. Yaron da zuciyarsa ke tafasa ba ya jin tambaya, kare kansa kawai yake yi. Idan ana fargabar za a ci gaba a hanyar gida, sai a tashi ɗaya da wuri ko a sa wani ya zo ya ɗauke shi. Amma kuma ba a jan abin. Kwana biyu zuwa huɗu shi ne daidai. Idan ya wuce mako, labarin ya riga ya shiga unguwa, yayye da abokai sun ɗauki ɓangare.

Ranar Talata jagoran zama yana ganin kowane yaro shi kaɗai, minti 15 zuwa 20. Wannan ganawa ita ce rabin aikin, kuma ita ce makarantu suka fi tsallakewa. A cikinta ne Nura zai faɗi abin da ba zai taɓa faɗa a asambuli ba: mako uku ke nan Kabiru na kiransa «ɗan mai garuwa» saboda sana'ar mahaifinsa, ajin na dariya. Da wannan bayani hoton ya sauya. Ba mai laifi ɗaya da wanda aka zalunta ɗaya ba ne. Cuta biyu ce, ta hannu da ta baki, kowace kuma da mai ita. Yawancin faɗan makaranta haka yake, shi ya sa bulala goma-goma ga su biyun ba ta taɓa tushen, kuma bulala ga wanda ya fara kai hannu shi kaɗai tana barinsa da ƙullin an yi masa rashin adalci.

Jagoran yana neman abu uku a ganawar. Na farko, yaron ya amince da abin da ya aikata, ko da bai yarda shi ne mai laifi gaba ɗaya ba. «Na buge shi, amma shi ya fara» ta isa. «Ban taɓa shi ba» ba ta isa ba, domin da'ira ba wurin bincike ba ce. Wanda ke musu sai a bi da shi ta hanyar ladabtarwa da aka saba. Na biyu, ya yarda zai zo da kansa. Wanda aka cutar musamman yana da ikon ya ce a'a ba tare da ya yi asarar komai ba. Na uku, ya san tambayoyin da za a yi masa tun kafin ranar, don kada ya ji an yi masa kwanton ɓauna.

Sai zaɓen wanda zai rako kowane yaro. A nan al'ada tana da tasiri sosai. Yaron Hausa da wuya ya buɗe baki a gaban mahaifinsa ya ce an zagi sana'arsa, ko ya ce shi ne ya yi zagin. Uba kuma, don kunya ko don fushi, yakan karɓe maganar, ko ya ce a ba shi yaron ya je gida ya yi maganinsa. Sau da yawa yaya, kawu, gwaggo ko malamin Islamiyyar yaron sun fi amfani a cikin zagayen, a kuma yi wa uban bayani daban. Yaron ne ya kamata ya faɗi wanda yake so. Yawan 'yan rakiya ya zama daidai a ɓangarorin biyu. Mutum shida zuwa goma sun isa: Nura da kawunsa, Kabiru da yayarsa, Bashir, malamin aji, da jagoran zama. Malamin ladabtarwa da ya saba riƙe bulala bai dace ya jagoranta ba, ko da mutumin kirki ne, domin yara ba za su yarda cewa abin da suka faɗa ba zai dawo musu a jiki ba.

## Cikin zaman

Ɗaki mai ƙofa, ba ofishin malamai da ake shiga da fita ba. Minti 45 zuwa awa ɗaya. Yaran biyu ba sa zama kusa da juna. Kowa na gefen ɗan rakiyarsa. Jagoran yana buɗewa da addu'a ko gaisuwa yadda makarantar ta saba, ya faɗi ƙa'idoji: mai abin magana ne ke magana, ba zagi, abin da aka faɗa ya tsaya a ɗakin sai dai idan ya shafi tsaron wani, kuma kowa na iya neman a dakata. Sannan ya faɗi dalilin haɗuwar a jimla ɗaya da ba ta ɗora laifi: an taru ne kan abin da ya faru ranar Litinin, da wanda ya shafa, da yadda za a gyara.

Wanda ya yi cutar da ta fi fitowa fili shi ke farawa, don wanda aka ji wa ciwo ya ji an amsa kafin a nemi ya buɗe zuciyarsa. Tambayoyin Nura su ne: me ya faru? Me ke ranka a lokacin? Me ka yi tunani tun daga ranar? Wa abin ya shafa, ta wace hanya? Ba a tambayar «don me ka yi?». Wannan tambaya tana fito da amsa biyu kawai, «ban sani ba» ko «shi ya ja», kuma duk biyun suna rufe ƙofa. «Me ke ranka a lokacin» kuwa tana iya fito da: «Malam, na ji kamar Baba ake yi wa dariya.»

Kabiru ana tambayarsa abin da ya ji, yadda abin ya shafe shi, da abin da ya fi yi masa ciwo. Amsar takan ba manya mamaki. Ba leɓen ba ne. Bidiyon ne, da ya kai har wayar 'yan unguwarsu. Daga nan ake juyo masa da tambayoyin da aka yi wa Nura, a kan sunan da ya laƙaba masa. 'Yan rakiya suna magana bayan yaran. Yayar Kabiru ta faɗi yadda mahaifiyarsu ta tashi hankali da ta ga jini a riga. Kawun Nura ya ce da kuɗin garuwar aka sayi rigar da aka yaga. Irin wannan magana daga bakin wanda yaro ke ƙauna tana shiga inda faɗan malami ba ya kaiwa. Masanin laifuka ɗan Ostareliya John Braithwaite ya bambanta kunyar da ke tozarta mutum ta mayar da shi saniyar ware, da kunyar da ke ƙin aikin amma ta riƙe mai aikin a cikin jama'a. Ta farko ita ce ta tsayar da yaro a gaban asambuli. Ta biyu ake nema a nan.

Jagoran dole ya iya jure shiru. Yaro zai riƙe abin magana rabin minti yana kallon ƙasa. Sunkuyar da kai a gaban manya ladabi ne a wurinmu, ba taurin kai ba, kuma ba a cewa «ɗago ka dube shi». Malamin da bai saba ba yakan cike shirun da nasiha, daga nan zaman ya koma wa'azi a zagaye.

## Yarjejeniyar

Zagaye na ƙarshe shi ne: me ya kamata a yi don a gyara? Wanda aka cutar ake fara tambaya. Kowane sharaɗi ya cika abu huɗu: ya danganci ɓarnar, yaron zai iya yin sa da kansa, yana da rana, kuma akwai mai dubawa. «Za mu zauna lafiya» ba sharaɗi ba ne. Yankan ciyawar filin makaranta ma ba sharaɗi ba ne, horo ne da aka sauya wa suna, domin ciyawa ba ta da alaƙa da leɓen Kabiru.

A misalinmu takardar za ta iya ƙunsar waɗannan. Kabiru zai daina kiran sunan, kuma ranar Litinin zai gaya wa abokansa uku da ke taya shi cewa a daina, a gaban malamin aji. Zai kai rigar Nura wajen tela daga kuɗin tararsa. Nura zai kwafe wa Kabiru darussan kwana biyun da bai zo ba, kuma idan aka sake tsokanarsa zai fita ya samu malamin aji kafin hannu ya tashi. Su biyun za su taya kafinta gyara bencin ranar Asabar. Bashir zai goge bidiyon a gaban jagoran, ya kuma aika wa waɗanda ya tura wa cewa su goge. Makaranta ma tana da nata: mako uku ana wannan tsokana babu malamin da ya lura, don haka za a sa malami ɗaya a harabar lokacin tara. Sharuɗɗa uku zuwa shida sun isa. Kowa ya sa hannu, kowane gida ya samu kwafi.

Kuɗin magani batu ne na manya, a tattauna shi tsakanin iyaye a wajen zagayen. Idan aka shigo da shi ciki, zaman yana komawa ciniki, kuma yaron da gidansu ba su da hali shi ke fita da sabon tozarci. Ban haƙuri kuwa idan ya zo da kansa an gode, amma ba a rubuta shi a matsayin dole.

Bayan kwana uku jagoran ya leƙa kowane yaro na minti biyar, sannan bayan mako biyu, sannan a ƙarshen wata. Idan an saɓa sharaɗi, ana fara tambayar abin da ya hana. Idan ƙin yi ne da gangan, a koma ga dokar makaranta, kuma tun farko an gaya wa yaran haka. Idan an cika, a faɗa musu an rufe maganar, kada malami ya riƙa tono ta a aji.

## Inda bai dace ba, da alamun lalacewa

Ba a sa yarinyar da aka ci zarafinta ta hanyar lalata a zagaye ɗaya da wanda ya yi. Wannan na hukuma ne da masu kare yara. Faɗan da aka fito da wuƙa, ko wanda ke da jijiya a rikicin daba na unguwa, yana buƙatar matakin tsaro tukuna, zama sai daga baya idan ya yiwu. Siniya da ya daɗe yana gallaza wa ƙaramin yaro a makarantar kwana ba faɗa ba ne tsakanin tsara. Ƙaramin zai ce ya yafe domin daren nan a ɗaki ɗaya za su kwana. Idan za a yi zama a irin wannan, sai an fara raba musu ɗaki, an kuma karɓe muƙamin babban.

Ana gane zaman da ya lalace ta hanyoyi kaɗan. Manya sun fi yara magana. An gama cikin minti goma. Sharuɗɗan duk daga bakin malami suka fito. Wanda aka daka ya fara fashin makaranta bayan zaman. Ko kuma yaro ɗaya ya shiga zagaye na huɗu cikin zango guda ya haddace abin da ake so a ji. Wannan yana nuna akwai wata matsala a gida ko a karatunsa da zama ba zai warware ba.

## Abin da bincike ya nuna, da muhawarar da ake yi

Gwaji mafi shahara shi ne wanda cibiyar bincike ta RAND ta yi a makarantu 44 na birnin Pittsburgh a Amurka, inda aka zaɓi 22 ta hanyar ƙuri'a suka yi tsarin shekara biyu. Rahoton 2018 ya nuna kwanakin da ɗalibai ke rasawa saboda dakatarwa sun ragu da kashi 16 cikin 100, tazarar da ke tsakanin baƙar fata da farar fata ta ragu, malamai kuma sun ce yanayin makaranta ya gyaru. Amma dakatarwa saboda faɗa ko makami ba ta ragu ba, kuma sakamakon karatun 'yan aji shida zuwa takwas, kwatankwacin aji shida na firamare zuwa aji biyu na ƙaramar sakandare, ya yi ƙasa. A Ingila, gwajin da aka yi a sakandare 40 na shekara uku, wanda aka buga a 2018, ya samu raguwa kaɗan a cin zali tsakanin ɗalibai, bai samu sauyi a halin faɗa ba.

Masu goyon baya suna cewa yaron da aka dakatar mako biyu yana dawowa da giɓin karatu da tsohon fushinsa, kuma babu wanda ya tambayi wanda aka daka abin da yake so. Masu suka suna cewa raguwar dakatarwa ba hujja ba ce ta raguwar faɗa, tunda makaranta na iya daina dakatarwa kawai, kuma sauran yara talatin ko sittin na ajin su ma suna da haƙƙin karatu cikin natsuwa. A Amurka wannan saɓani ya kai ga siyasa: gwamnatin tarayya ta fitar da jagora a 2014 da ke ƙarfafa rage dakatarwa, wata gwamnatin ta janye shi a Disamban 2018. Alƙaluman ba su ba kowane ɓangare cikakkiyar nasara ba. Abin da suka fi nunawa shi ne horon kwana biyu ga malamai, ba tare da an ware musu lokaci ba, ba ya sauya faɗa.

## Abin da zai shafi iyaye da malamai

Lissafin lokaci shi ne babban cikas. Faɗa ɗaya irin na Nura da Kabiru yana cin kusan awa uku na malami: awa ɗaya na ganawa da kiran gida, awa ɗaya na zama, saura na bibiya. Bulala minti biyu ce. Makarantar da ke da ɗalibai tamanin a aji ba za ta iya yi wa kowace hatsaniya haka ba. Abin da ke yiwuwa shi ne a raba mataki: ƙaramin cacar baki a warware shi a baranda da tambayoyin nan cikin minti biyar, cikakken zama kuma a ajiye shi ga faɗan da aka ji rauni, ko aka lalata kaya, ko ake maimaitawa. Malamai biyu ko uku da aka horar, mace a cikinsu saboda 'yan mata, aka kuma rage musu darasi biyu a mako, sun fi dukan ma'aikata da suka halarci bita ɗaya.

Uban da aka gayyata yana da tambayoyin da ya dace ya yi kafin ya amince: an gana da ɗana shi kaɗai? Wanda ya dake shi ya amsa ya yi? Idan ɗana ya ƙi zuwa me zai biyo baya? Wa zai duba yarjejeniyar, kuma wace rana? Shiga zaman ba ya hana shi neman kuɗin magani, ba ya kuma hana shi kai ƙara idan raunin mai tsanani ne. Makarantar ma tana iya haɗa zaman da dakatarwar kwana ɗaya ko biyu idan tsaro ya buƙata, a yi da'irar a ranar da yaron zai dawo, kafin ya shiga aji.